An turo mini hoton allo yana nuna Pending da 0/6: kuɗin sun shigo ko na ci gaba da jira?

Baƙuwar Kirifto: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani zai biya ni da Bitcoin, ya ce ya tura tun ɗazu, ya aiko mini hoton allon wayarsa a matsayin shaida. Awa uku ke nan babu abin da ya sauya. Ga abin da ke jikin hoton, na ɓoye adireshin:

```
Status: Pending
Amount: 0.015 BTC
Network fee: 0.00000282 BTC
Confirmations: 0/6
```

Yana ta matsa mini in sakar masa kayan, wai tunda sun fita daga wajensa ai shi ya gama nasa. Me wannan 0/6 yake nufi? Kuma cajin nan, ni za a cire wa ko shi?

Ɗan Gaggawa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yar uwa. Kowane tabbaci minti goma ne, shida ke nan awa ɗaya cif. Tunda ya nuna Pending kuɗin suna hanya, Bitcoin ba ya komawa baya.

Baƙuwar Kirifto: To ai na ce awa uku ne Malam, kuma har yanzu sifili.

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki saki komai tukuna. Malam Ɗan Gaggawa, maganarka ta cewa ba ya komawa baya gaskiya ce bayan turin ya shiga bulok, wato shafi ɗaya a littafin Bitcoin, kuma an jera wasu a kansa. Kafin nan ba haka abin yake ba.

Ga yadda yake tafiya. Idan mutum ya danna turawa, walat ɗinsa ba ta kai kuɗi walat ɗinki kai tsaye. Sa hannu take yi a kan umarnin biya, ta watsa shi ga kwamfutocin da ke riƙe da tsarin, su kuma su ajiye shi a wani ɗakin jira da ake kira mempool. Masu haƙa, wato masu injinan da ke haɗa bulok, suna ɗiba daga wannan ɗakin su cika bulok. Muddin umarnin yana ɗakin jira, Pending za ki gani, tabbaci kuma sifili. Da zarar an saka shi cikin bulok ya zama 1. Duk bulok ɗin da aka ɗora a kan wancan sai a ƙara ɗaya. Misali idan turinki ya shiga bulok mai lamba 900,000, yanzu kuma ana kan 900,002, tabbacinki uku ne, domin ana ƙirga wanda ya ɗauke shi.

Saboda haka lissafin awa ɗaya ba ya fara aiki sai bayan an samu na farko. Daga sifili zuwa ɗaya babu agogo. Caji ne yake yanke hukunci a nan.

Cajin kuwa mai turawa ne yake biya, ba a taɓa abin da aka rubuta a adireshinki.

Tsohon Hannu: Kafin ma a kai ga caji, akwai abin da ya fi damuna. Hoton nan babu TXID a jikinsa, wato lambar da ake gane kowane turi da ita. Hoton allo ba shaidar biya ba ne, ko yaro zai iya gyara lamba a hoto cikin minti biyu. Ki ce ya turo miki TXID a rubuce, ba a hoto ba, yadda za ki iya kwafa. Haruffa da lambobi ne guda 64, daga 0 zuwa 9 da kuma a zuwa f. Ki buɗe mempool.space da hannunki, ke ki rubuta sunan shafin, kada ki bi wani mahaɗi da ya aiko miki, sannan ki liƙa shi a wurin bincike.

Abu uku za ki duba. Shin adireshinki yana cikin waɗanda ake biya, kuma ki karanta shi daga farko har ƙarshe, ba haruffa huɗun farko da huɗun ƙarshe kawai ba. Shin adadin da ke gabansa 0.015 ne daidai. Sannan shin a kan Bitcoin na gaske ne, ba na gwaji ba. Akwai hanyar gwaji da masu haɗa manhaja suke amfani da ita, kuɗinta ba su da wata daraja, adireshinta na zamani da tb1 yake farawa, na gasken kuma bc1.

Idan ya ce ba shi da TXID, to ɗayan biyu ne: ko dai daga dandalin musaya ya nemi cirewa kuma ba su riga sun watsa ba, ko kuma bai tura komai ba. A duka biyun babu abin da yake hanya zuwa gare ki.

Baƙuwar Kirifto: Na gode Baba. Na tambaye shi, ya ɗan ja rai amma ya turo. Na duba, adireshina ne, adadin ma daidai. Ga abin da na gani:

```
Unconfirmed
Fee: 282 sats
Fee rate: 2.00 sat/vB
Virtual size: 141 vB
```

A shafin farko kuma na ga bulok na gaba yana ɗaukar masu kusan 15 sat/vB. Walat ɗina ma da na sabunta ta nuna kuɗin, amma da launin toka.

Mai Lissafi: Madalla, yanzu magana ta fito fili. Turin gaskiya ne, ba hoton bogi ba ne, amma cajinsa ya yi ƙasa ƙwarai.

Bitcoin ɗaya satoshi miliyan ɗari ne, shi ya sa 0.00000282 ta zama satoshi 282. Masu haƙa ba sa duba yawan kuɗin da ake turawa, ko 0.015 ne ko 15 duk ɗaya ne a wurinsu. Abin da suke sayarwa shi ne wuri a cikin bulok, kuma wurin yana da iyaka, kusan vB miliyan ɗaya a kowane bulok, vB kuwa shi ne ma'aunin girman turi. Don haka suna jera masu jira ne bisa abin da kowa ya biya a kan kowane vB. Turin nan girmansa 141 vB, wato irin wanda ya kashe dunƙulen kuɗi ɗaya ya raba shi biyu, naki da ragowar da ta koma wa mai turawa. Ki raba 282 da 141, ki samu 2. Shi ya biya 2, waɗanda ake ɗauka yanzu suna biyan 15. Duk wanda ya zo bayansa ya biya 3 ko 10 zai wuce gabansa. Layin nan ba na wanda ya riga zuwa ba ne, na wanda ya fi biya ne.

Da yana so ya shiga da wuri a wannan yanayin, 141 sau 15 zai biya, satoshi 2,115.

Ƙanin Kowa: Irin wannan ya faru da nawa a MetaMask. Na shiga na danna Speed up, sai ya wuce nan take. Yaya ki duba gas ɗin, ko kuma nonce ne ya maƙale, idan na farko bai wuce ba na biyu ba zai taɓa wucewa ba.

Tsohon Hannu: Ƙanena, naka Ethereum ne, nata Bitcoin. A can kowane asusu yana da lambar jeri, shi ya sa turi ɗaya da ya maƙale yake tare na bayansa. A Bitcoin babu gas, babu wannan lambar jerin ta asusu. Kuma ko a naka, mai turawa ne yake da maɓallin nan, ita kuwa mai karɓa ce.

Ƙanin Kowa: Af, ban lura da BTC ɗin ba. A yi haƙuri. Amma ai nawa cikin daƙiƙu ya gama, me ya sa wannan yake cin awa?

Mai Lissafi: Saboda tazarar bulok ba ɗaya ba ce. A Ethereum daƙiƙa 12 ne, a Tron daƙiƙa 3, a Bitcoin kuwa matsakaicin minti goma. Shi ya sa ba a kwatanta adadin tabbaci tsakanin hanyoyi, shida a nan ba shida ba ne a can. Kuma minti goman nan matsakaici ne kawai, ba alkawari ba. Wani lokaci bulok biyu su fito cikin minti ɗaya, wani lokaci a yi shiru. Kusan sau ɗaya cikin ashirin akan wuce rabin awa ba a samu bulok ba. Wannan ba alamar matsala ba ce.

Ɗan Gaggawa: To na ji batun caji. Amma ni har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. Tunda ta ga turin a shafin bincike da idonta, kuma walat ɗinta ta nuna, ai ya riga ya sa hannu. Ta yaya zai janye abin da ya sa wa hannu? Ba a soke turin Bitcoin.

Tsohon Hannu: Babu maɓallin sokewa a tsarin kansa, wannan haka ne. Amma akwai maye gurbi, wanda ake kira RBF. Dunƙulen kuɗin da ya kashe a wannan turin, a idon littafin Bitcoin har yanzu nasa ne, tunda ba a rubuta komai a bulok ba. Zai iya sa hannu a wani sabon turi da yake kashe wannan dunƙulen dai, ya mayar da kuɗin adireshinsa, ya sa caji mafi tsoka. Dunƙule ɗaya ba a kashe shi sau biyu, dole ɗaya ne zai shiga, kuma masu haƙa mai tsokar za su ɗauka. Na farkon sai ya mutu, launin tokan da ke walat ɗinta ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Wasu walat ma sun sauƙaƙa abin har sun sa masa suna Cancel transaction.

Ka duba abin da zai ci masa: satoshi dubu biyu da 'yan kai, ya ƙwato miliyan ɗaya da rabi. Shi ya sa turi mai ƙaramin caji tare da gaggawar a saki kaya yake sa ni ɗaga gira. Ban ce wannan mutumin haka yake nufi ba, mutane da yawa kawai suna zaɓar caji mafi arha ne ba tare da sun san abin da zai jawo ba. Amma mai niyyar cuta ma haka zai yi daidai, domin ƙaramin caji yana ba shi lokaci.

Ɗan Gaggawa: Ai sai idan ya kunna RBF tun farko. Ta duba shafin, idan babu alamar RBF a jikin turin shi ke nan ba zai sauyu ba.

Mai Lissafi: Da can ana dogara da wannan alamar, ko da yake ko a lokacin ba garanti ba ce. Yanzu kuwa ta tashi daga aiki. Tun fitowar Bitcoin Core 28.0 a 2024, wannan manhajar da yawancin kwamfutocin tsarin ke amfani da ita tana karɓar maye gurbi kai tsaye ko da turin farko bai ɗauki alamar ba. Saboda haka kowane turi mai tabbaci sifili ki ɗauke shi a matsayin wanda za a iya sauyawa.

Baƙuwar Kirifto: Tirƙashi. To yanzu mene ne mafita? In zauna ina kallon sifili har yaushe?

Mai Lissafi: Hanya uku ce, kuma ba daidai suke ba.

Mafi sauƙi ita ce shi ya ƙara cajin da kansa, da wannan RBF ɗin da Baba ya bayyana, amma ta hanyar alheri. A walat kamar Electrum zai danna turin ya zaɓi Increase fee, ya kai shi 15 ko ɗan sama da haka. Ya tabbatar ƙarin daga ragowarsa za a cire, ba daga abin da yake biyanki ba, domin wasu walat suna ba da zaɓi. Abin lura: bayan ya yi haka TXID zai sauya. Tsohon zai nuna Replaced, kada ki firgita. Ki karɓi sabon, ki sake duba adireshi da adadi daga farko, tunda sabon turi ne.

Ta biyu a hannunki take, idan walat ɗinki irin wadda ke kike riƙe da kalmomin sirrinta ce. Ana kiranta CPFP, ɗa ne yake biya wa uwa. Kina kashe kuɗin nan da ba su tabbata ba, ki tura wa wani adireshin naki, ki sa caji mai yawa, wannan sabon turin shi ne ɗan, na farkon kuma uwar. Mai haƙa ba zai iya ɗaukar ɗan ba sai ya ɗauki uwar, don haka yana lissafa su a haɗe. Ga lissafin: uwar 141 vB, ɗan da yake da shiga ɗaya da fita ɗaya kusan 110 vB, jimla 251. Kina so su kai 15, wato 251 sau 15, satoshi 3,765. An riga an biya 282, saura 3,483, shi ne cajin da za ki sa wa ɗan. Idan kika raba da 110 za ki ga kusan 32 sat/vB ne. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa wa ɗan 15 kawai. A nan jimlar caji za ta zama 1,650 da 282, wato 1,932, a raba da 251 a samu ƙasa da 8, sai a wayi gari turi biyu ne suka maƙale maimakon ɗaya.

Ta uku ita ce jira. Cunkoso yana sauka, sau da yawa a ƙarshen mako, kuma idan ɗakin jira ya yi sauƙi masu 2 ma suna shiga. Babu wanda zai iya ba ki rana.

Hajiyar Zaure: Malam, a kan ta biyun ina da ja. Me zai sa ta biya kuɗin gyara kuskuren da ba nata ba? Kuma ba kowace walat ce take barin a kashe kuɗin da ba su tabbata ba. Idan adireshin na dandalin musaya ne ma babu maganar, makullin ba a hannunta yake ba. Ni shawarata ta ce masa kawai ya ƙara caji. Yadda zai amsa ma zai nuna mata ko wane iri ne. Mai gaskiya satoshi dubu biyu ba za su gagare shi ba.

Mai Lissafi: Hajiya ban ƙi ba, shi ya sa na fara da tasa. Sai dai idan shi ma daga dandalin musaya ya ciro, ba shi da ikon ƙarawa. Ko da yake girman 141 vB da cajin 2 sun fi kama da walat ta kansa, dandali yakan haɗa biyan mutane da yawa a turi ɗaya. Kuma ina ƙara jan kunne: ko ta yi CPFP, ba ta tsira ba sai bulok ya ɗauke su. Idan ya maye gurbin uwar kafin nan, ɗan ma ya tafi. Abin da CPFP yake yi shi ne ya rage lokacin jira kuma ya tsadar da maye gurbin, domin sai ya biya fiye da cajin uwa da ɗa a haɗe.

Ƙanin Kowa: Idan ba wanda ya yi komai fa? Kuɗin sun ɓace a tsakiya?

Tsohon Hannu: Babu tsakiya. Ko dai sun shiga bulok sun zama nata, ko suna nan a matsayin nasa. Kwamfutocin da ke kan saitin asali suna riƙe turi kwana 14 sannan su yar da shi. Za su iya yar da shi tun kafin nan idan ɗakin jiransu ya cika, saitin asali megabait 300 ne, kuma masu ƙaramin caji ake fara korewa. Idan haka ta faru walat ɗinsa za ta sake nuna masa kuɗinsa, wani lokaci sai ya goge turin da hannu ko ya sabunta ta.

Amma a nan akwai rami, kuma wannan karon mai turawa ne yake faɗawa. Turin da aka yar bai mutu ba. Sa hannun yana nan da inganci, duk wanda yake da kwafinsa zai iya sake watsa shi, ko bayan wata guda. Idan ya ga ya ɓace ya sake biyanta da wani dunƙule daban, sannan tsohon ya farfaɗo ya shiga bulok, ya biya sau biyu. Hanyar da ta dace ita ce sabon biyan ya kashe dunƙulen da tsohon ya kashe, ta haka ne kaɗai tsohon ba zai ƙara tashi ba.

Hajiyar Zaure: Ƙarin abu ɗaya, tunda a irin wannan lokacin suke fitowa. Duk wanda ya biyo ki ta saƙon sirri ya ce ki biya wani kuɗi a sako miki turin, ko ki ba shi kalmomin sirrinki 12 ko 24 ya gyara, ɓarawo ne. Mai karɓa ba ya biyan kuɗin buɗe komai.

Baƙuwar Kirifto: Na faɗa masa, ya yi gunaguni amma ya ƙara. Ga sabon TXID ya turo, tsohon ya nuna Replaced kamar yadda Malam ya ce. Adireshina ne, 0.015 ba a taɓa ba, Fee rate yanzu 16.0 sat/vB. Ɗazun nan ya koma 1 confirmation. Walat ɗina tana nuna 1/6. In saki ko sai ya cika shida?

Ɗan Gaggawa: Ɗaya ya isa. Maye gurbi ya ƙare tunda ya shiga bulok.

Mai Lissafi: A wannan ka yi daidai, RBF ba ya aiki a kan abin da ya shiga bulok. Abin da ya rage shi ne a sauya bulok ɗin kansa. Yakan faru jefi-jefi masu haƙa biyu su samu bulok kusan lokaci ɗaya, sarƙar ta rabu na ɗan lokaci, sai wadda aka fara ɗora wa na gaba ta ci, ɗayar a watsar. Idan turinki yana cikin wanda aka watsar, yawanci yana cikin ɗayan ma, ko ya koma ɗakin jira ya sake shiga. Saboda wannan nake son a ga na biyu ko na uku.

Shidan da walat take nunawa ba doka ba ce a cikin tsarin, al'ada ce. Ta samo asali daga lissafin da ke takardar da Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya fitar a 2008: idan maƙiyi yana da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin haƙa, damar ya kamo sarƙar bayan an ba shi tazarar bulok shida ba ta kai ɗaya cikin dubu ba. Kowace walat da kowane dandali suna sa nasu adadin, wani 1, wani 2, wani 3. A kan 0.015 ni biyu zan jira.

Tsohon Hannu: Ni uku. Ba don ina tsammanin wani zai haɗa injinan haƙa saboda 0.015 ba, sai don kayan da aka miƙa ba sa dawowa, kuma bambancin biyu da uku kusan minti goma ne. Wanda ta jira awa huɗu saboda cajinsa zai iya jiran wannan.

Hajiyar Zaure: Ku dai kuna da tsoro. A wannan adadin ɗaya ya wadatar, in dai a shafin bincike ta gani ba a hoton da ya turo ba. Idan kuma tana shirin kai kuɗin dandalin musaya, adadin da su suka sa shi ne zai yi aiki a can, ba namu ba.

Mai Lissafi: Hajiya, idan da abin da za a iya karɓowa ne zan bi ki. Tunda ba mu san irin kayan ba, ina nan a biyuna.

Baƙuwar Kirifto: Kuna cikin gardamar nan ya koma 2/6. Bari in ga ko na ukun zai fito kafin ya sake kirana.